Sassauci a wurin aiki: ina iyakar abin da doka ta ɗora wa mai kamfani?

Tambayar da ke yawan tasowa tsakanin mutanenmu da ke aiki a Amurka ita ce, idan na ce wa manaja ina son fita sallar Juma'a, ko ina da sikila kuma sanyin sito yana tayar min da ciwo, dole ne ya saurare ni ko alfarma ce yake min in ya ga dama? Wasu za su ce maka ai ƙasar doka ce, duk abin da ka nema da sunan addini ko lalura sai an ba ka. Wasu kuma su ce kai dai yi shiru, da ka buɗe baki za su ce kana jawo musu asara su sallame ka. Duka biyun ba haka abin yake ba, kuma tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2023 a shari'ar Groff, wani mai raba wasiƙu da ya ƙi aikin Lahadi saboda addininsa, maganar ta ƙara ruɗewa, dan wasu sun ji labarin sama-sama sun ɗauka yanzu ma'aikaci ne ke da wuƙa da nama.

Toh gaskiyar magana akwai hakki, kuma hakkin yana da iyaka. Iyakar nan ita ce wurin da duk rigimar take.

Mene ne sassaucin da ake magana?

Abin da ake nufi shi ne a ɗan sauya wani abu a tsarin aiki, ko lokacinsa, ko kayan aikin, ko wata ƙa'ida ta kamfani, yadda mutumin da ya cancanci aikin zai iya yin sa duk da lalurar da yake da ita ko ibadar da addininsa ya ɗora masa. Kurma a samo masa mai fassarar maganar hannu ranar mitin. Makaho a sa masa manhajar da ke karanta rubutun kwamfuta da murya. Mai keken guragu a gyara masa ƙofa da tebur. Mai wankin ƙoda a juya masa ranakun aiki su kauce wa ranakun asibiti. Mai hijabi a ƙyale ta duk da kamfani yana da dokar hana rufe kai.

Dokoki biyu ne manya a nan. Ta farko dokar hakkin farar hula ta 1964, sashenta na bakwai, wadda aka yi wa gyara a 1972 aka ce dole mai ɗaukar aiki ya yi sassauci kan ibadar ma'aikaci sai dai in hakan zai jefa harkarsa cikin wahalar da ta wuce kima. Ta biyu dokar nakasassu ta 1990 wadda ake kira ADA. Duka biyun suna hawa kan wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama ne, wato ƙaramin shago mai mutum shida dokar tarayya ba ta kai gare shi ba, ko da yake wasu jihohi suna da nasu dokokin da suka sauko ƙasa da haka.

Akwai abin da mutane ke yawan tsallakewa. Sassaucin yana zuwa ne bayan an tabbatar kai ɗin za ka iya ainihin aikin. Doka ta raba ayyukan kowane matsayi gida biyu, akwai ginshiƙan aikin waɗanda dan su aka ɗauki mutum, akwai kuma na gefe. Direban babbar mota tuƙi ne ginshiƙin aikinsa, ba wanda zai ce a cire masa tuƙi a bar masa albashi. Amma sakatare da sau ɗaya a wata ake ce masa ya ɗauko kwalin takardu daga sito, in yana da ciwon baya, ɗaukar kwalin nan na gefe ne, a ba wani shi kuma ya karɓi wani ƙaramin aiki a madadinsa. Haka nan ba a tilasta wa kamfani ya rage yawan aikin da yake nema daga kowa ba, ba a tilasta masa ƙirƙiro sabon matsayi ko korar wani dan a ba ka kujerarsa ba, kuma ba shi zai saya maka tabarau ko na'urar ji da kake amfani da su har a gida ba. Amma in akwai gurbi a buɗe wanda ka cancanta, mayar da kai can yana cikin abubuwan da ADA ta ambata da suna.

Asalin rikicin: shari'ar Hardison ta 1977

Kafin a gane abin da ya faru a 2023 sai an koma baya shekara 46. Larry Hardison ma'aikacin kamfanin jiragen sama na TWA ne a Kansas City, a sashen ajiyar kayan gyaran jirgi, sashen da ba ya rufewa dare da rana duk shekara. Ya shiga wani coci da ke hana aiki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar. Da farko abin ya tafi daidai saboda ya daɗe a ginin da yake, yana da damar zaɓar diyutinsa. Sai ya nemi canji zuwa wani gini, a can kuma lissafin daɗewa a aiki daban ne, ya dawo kusan na ƙarshe a layi, Asabar ta faɗo kansa. Ya ƙi zuwa, aka kore shi.

Kotun Ƙoli da alƙalai bakwai cikin tara ta ba kamfani gaskiya. A cikin hukuncin akwai jimla guda da ta zama bala'i ga ma'aikata daga baya, inda kotu ta ce tilasta wa kamfani ɗaukar kuɗin da ya wuce ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ma wahala ce da ta wuce kima. Alƙali Thurgood Marshall, wanda ya ƙi yarda da hukuncin, ya nuna cewa abin da kamfanin zai kashe wajen biyan obatayim bai wuce dala 150 ba na wata uku. Kamfanin jiragen sama guda, dala 150.

Daga nan ƙananan kotuna suka riƙe wannan jimla. Kamfani kawai ya nuna ya ɗan kashe kuɗi, ko rosta ta ɗan rikice, shikenan ya tsira. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu addinan da kalandar aiki ba ta yi da su ba, Musulmi da Yahudawa da Sikh da masu ibadar Asabar, dan ita Lahadi dama hutu ce a yawancin wurare. Shi ya sa da shari'ar Groff ta zo, ƙungiyoyin Musulmi da na Sikh da na Yahudawa suka shigar da takardun goyon bayan wani Kirista mai raba wasiƙu.

Abin da ya faru da Gerald Groff

Groff ya fara aiki da gidan waya na Amurka a 2012 a karkarar jihar Pennsylvania, a matsayin mai raba wasiƙu da ke cike gurbin wasu. A lokacin babu aikin Lahadi, shi kuma aƙidarsa Lahadi ranar ibada ce da hutu. A 2013 gidan waya ya ƙulla yarjejeniya da Amazon na kai kaya ran Lahadi. Da abin ya iso ofishinsa na Quarryville sai ya nemi canji zuwa wani ƙaramin ofishi a Holtwood mai ma'aikata bakwai, inda ba a fara aikin Lahadi ba. A 2017 nan ma aka fara.

Ya ce shi ba zai yi ba. Lokacin da kaya suka fi yawa a ƙarshen shekara sauran abokan aikinsa ne suka riƙa ɗaukar rabonsa, har da shugaban ofishin wanda raba kaya ba aikinsa ba ne. Sauran watanni kuma a rarraba wa masu raba wasiƙu na yankin. Mutane suka fara ƙorafi, shi kuma aka yi ta ba shi takardun gargaɗi da horo mataki-mataki, har ya ajiye aiki a watan Janairun 2019 ya kai ƙara.

Kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara duk suka ba gidan waya gaskiya, suka ce rashin zuwansa ya ɗora wa abokan aiki nauyi, ya rikita tafiyar aiki, ya kashe wa mutane gwiwa, kuma wannan ya wuce ɗan abin nan da hukuncin Hardison ya ambata. A ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli, alƙalai tara baki ɗaya, ta ce a'a, ma'aunin da aka yi amfani da shi ba daidai ba ne. Alƙali Samuel Alito ne ya rubuta hukuncin.

Abin da kotu ta ce shi ne, wanda ya ƙi yin sassauci sai ya nuna cewa yin sa zai jawo masa ƙarin kashe kuɗi mai yawa idan aka auna da yadda harkarsa take gudana. A duba irin sassaucin da aka nema, a duba tasirinsa na zahiri, a auna da yanayin kamfanin da girmansa da abin da yake kashewa wajen tafiyar da aiki. Kaga ke nan babu wani adadi guda da za a ce daga dala kaza an shiga wahala. Buhun da jaki zai durƙushe a ƙarƙashinsa, raƙumi ko a jikinsa, haka abin yake tsakanin gidan abinci mai ma'aikata ashirin da kamfanin da ke da rassa a kowace jiha.

Sai dai a lura, kotun ba ta ce Groff ya ci shari'arsa ba. Mayar da ita ta yi ƙasa a sake aunawa da sabon ma'auni. Ba ta kuma soke hukuncin Hardison ba, cewa ta yi an yi masa mummunar fahimta, kuma ɓangarensa da ya kare tsarin fifita wanda ya daɗe a aiki yana nan daram. Lauyoyin Groff sun so a ɗauko ma'aunin ADA kacokan a ɗora kan maganar addini, kotu ba ta yarda ta yi hakan ba.

Abokan aiki fa, su ba su da hakki?

Nan ne ni a ganina maganar ta fi nauyi, dan duk wanda ya taɓa aikin shifta ya san in mutum ɗaya bai zo ba wani ne zai kwana a tsaye. Shi ma mai raba wasiƙun da aka kira ran Lahadi yana da iyali, wataƙila shi ma yana son zuwa coci ko ya zauna da 'ya'yansa. Bai kamata a yi kamar ba a gan shi ba.

Kotu ta raba abin gida biyu. Nauyin da ya hau kan abokan aiki ana lissafa shi, amma sai in ya kai ga taɓa tafiyar harkar kanta, misali mutane suna ajiye aiki, ko kaya suna kwana ba a kai ba, ko gajiya ta fara jawo hatsari. Alƙali Sonia Sotomayor ta ƙara jaddada wannan a nata rubutun, cewa ma'aikata ai suna cikin harkar kamfani, wahalarsu ba abin yarwa ba ce. Amma ɓacin ran da tushensa ƙin addinin mutum ne, ko ƙin addini gaba ɗaya, ko kawai haushin me ya sa shi aka yi masa ni ba a yi min ba, wannan ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Haka ma in kwastomomi ne ba sa son ganin mai gemu ko mai hijabi a kanta, ƙyamarsu ba hujja ba ce ga kamfani.

Sannan kotu ta ƙara wani abu wanda a aikace shi ya fi amfani ga talaka. Bai isa manaja ya duba hanya ɗaya, ya ce in na ƙyale ka sai na biya wasu obatayim, ya rufe magana ba. Dole ya duba wasu hanyoyin, kamar musayar diyuti tsakanin waɗanda suka yarda da kansu. Aikinsa shi ne ya nemo mafita ga ibadar ma'aikacin, ƙin shawarar farko da aka kawo masa bai sauke masa wannan nauyin ba.

Mu gwada da sallar Juma'a

A ce wani ɗan'uwanmu yana aiki a babban sito, mutum 60 a shiftar rana, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 3 da rabi. Masallaci tafiyar minti 15 ne a mota, huɗuba da salla minti 45, ka ga yana buƙatar kamar awa ɗaya da kwata. Hutun cin abincinsa minti 30 ne. Abin da ya rage a nema minti 45 ke nan, sau ɗaya a mako.

Me kamfani zai iya yi? Zai iya matsar masa da hutun abinci ya dace da lokacin salla, ya bar shi ya shigo da wuri ko ya ƙara minti 45 a ƙarshen aiki. Zai iya cire minti 45 ɗin daga albashi, dan doka ba ta ce sai an biya ka lokacin da kake masallaci ba. Zai iya ba shi Juma'a hutu ya yi Asabar ko Lahadi a madadinta, wanda sau da yawa ma daɗi yake wa abokan aiki Kirista. A wuri mai mutum 60, inda kullum wani na zuwa asibiti wani na ɗauko yaro daga makaranta ana ƙyale su, da wuya manaja ya iya gamsar da kotu cewa minti 45 na mutum ɗaya ya jawo masa asara mai yawa. Kuma wannan ƙyalewar da ake yi wa wasu saboda dalilan da ba na addini ba, ita ce babbar shaidar ma'aikacin, dan ta nuna tsarin yana iya lanƙwasuwa.

Yanzu a sauya lissafin. A cikin mutum 60 ɗin nan, 25 Musulmi ne, kuma layin aiki ne mai bel da ke tafiya ba tsayawa, kowa da wurin tsayuwarsa. In duka suka fita lokaci guda layi ya tsaya, wannan asara ce ta gaske da za a iya ƙirga ta da kuɗi. Irin wannan ce ta faru a mayankar Cargill da ke Fort Morgan a jihar Colorado a watan Disambar 2015, inda ma'aikata Musulmi, yawancinsu 'yan Somaliya, suka daina zuwa aiki kan rikicin lokacin salla aka sallame su. A 2018 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 1.5 ga mutum 138, ba tare da ya amsa laifi ba. A irin wannan wuri mafitar da aka saba ita ce fita bi da bi, mutum ɗaya ko biyu su je su yi salla wani ya riƙe musu wuri su dawo wasu su tafi. Ga Azahar da La'asar wannan yana yiwuwa tunda lokacinsu da faɗi. Magariba ce mai wuya saboda lokacinta gajere ne kuma yana tafiya da rana, abin da ya dace da hutu a watan Yuni ba zai dace a Disamba ba, ga kuma buɗe baki a watan azumi. Manajan da bai san wannan ba zai ɗauka mutane ne ke canza magana, shi ya sa ya kamata ma'aikata su kai masa jadawalin lokutan salla na shekara tun farko a zauna a tsara.

Sai na uku. A ce shi kaɗai ne mai lasisin haɗa magani a reshen wani kantin magani ran Juma'a da rana, in ya fita dole a rufe sashen. A nan fita tsakiyar aiki zai yi wuya a tilasta wa kamfani. Amma tambayar ba ta ƙare ba, akwai wani reshe kusa da za a yi musayar rana da shi? An tambayi sauran masu lasisin ko akwai mai so? In kamfani ya tambaya da gaske, ya rubuta, ba a samu ba, kuma ɗauko na wucin gadi duk mako zai ci kuɗi sosai, toh ya kusa kai iyakar da doka ta ce ya tsaya. In kuwa bai tambayi kowa ba, kawai ya ce ba ma yin haka a nan, bai fara ba ma.

Wani abu da ke ba mutanenmu mamaki shi ne ba lallai a ba ka irin sassaucin da kai ka zaɓa ba. Tun 1986 a shari'ar Ansonia Kotun Ƙoli ta ce in mai ɗaukar aiki ya kawo hanya mai ma'ana da ta warware matsalar, ya sauke nauyinsa, ko da kai wata ka fi so. Ka nemi fita da rana, aka ce ga shiftar dare ran Juma'a, in dai ta kawar da karon da ke tsakanin aikinka da sallarka, ƙin karɓa zai iya raunana ƙararka.

Ɓangaren lalura da nakasa

A ADA tun asali ma'aunin ya fi tsauri a kan kamfani. Dokar da kanta ta fassara wahalar da ta wuce kima da cewa wahala ce babba ko kashe kuɗi mai yawa, ta kuma faɗi abin da za a duba, wato yanayin sassaucin da kuɗinsa, ƙarfin reshen da abin ya shafa, ƙarfin kamfanin gaba ɗaya, da irin aikin da ake yi. Saboda haka manajan reshe ba zai fake da cewa kasafin sashensa ya ƙare ba alhali uwar kamfani tana da hali. Haka kuma ba a auna kuɗin da albashin ma'aikacin, a ce ai mai shara ne, kujerar dala dubu ta fi ƙarfin matsayinsa. Da aljihun kamfani ake aunawa. In ma kuɗin ya yi yawa da gaske, hukumar EEOC mai kula da waɗannan dokoki ta ce a duba tallafin waje da rangwamen haraji, a kuma ba ma'aikacin zaɓin ya biya ragowar da kansa kafin a ce ba zai yiwu ba.

A zahiri ma ba kuɗi ne ke kawo yawancin rigima ba, tunda sauya lokaci ko ba mutum kujera ya zauna a kanta ba ya cin komai. Abin da ke kawo ta lokaci ne da tsari. Ɗauki mai sikila. A raba shi da ɗakin sanyi, a bar shi da gorar ruwa a gefensa, a ƙyale shi ya huta in jiki ya fara, duk waɗannan masu sauƙi ne. Hutun jinya na mako biyu ko wata ɗaya da likita ya faɗi ranar dawowa, shi ma yawanci ana ɗaukarsa sassauci mai ma'ana. Inda kotuna suka fi tsayawa bayan kamfani shi ne hutun da ba a san ƙarshensa ba, ko rashin zuwa na ba-zata a aikin da dole sai da mutum a wurin, kamar nas a ɗakin masu ciwo mai tsanani. Wannan yana da ɗaci ga mai ciwon da ba ya sallama kafin ya zo, kuma ni ina ganin nan ne dokar ta fi gaza wa masu sikila, amma haka layin yake a yawancin hukunce-hukunce.

Sai maganar daɗewa a aiki. Robert Barnett mai lodin kaya ne a kamfanin US Airways, ya ji ciwo a baya a 1990, ya koma ɗakin wasiƙu inda aikin ya fi sauƙi. Daga baya wasu da suka riga shi shiga aiki suka nemi wannan gurbin. Ya ce a bar shi a wurin a matsayin sassauci, kamfani ya ƙi. A 2002 Kotun Ƙoli ta ce a bisa al'ada ba a karya tsarin fifita wanda ya daɗe saboda sassauci, tunda sauran ma'aikata sun dogara da shi, sai dai in ma'aikacin ya nuna wani yanayi na musamman, misali kamfanin dama ya saba karya tsarin nasa in ya ga dama.

Tsaron rai kuma iyaka ce mai zaman kanta. In aikin yana buƙatar abin rufe fuska da dole ya manne da fata saboda iskar guba, gemu yana hana shi mannewa. Amma ko nan ba a tsallake tambayar ko akwai wani nau'in abin rufe fuskar mai rufe kai gaba ɗaya, ko wani gurbin da babu gubar. Hatsarin sai ya zama na gaske mai hujja, tsoron manaja kawai bai wadatar ba.

Yadda ake nema, da inda ake yin kuskure

Babu wasu kalmomi na musamman da sai ka furta. Ka sanar da su kana buƙatar sauyi saboda lalura ko addini, daga nan nauyin tattaunawa ya hau kan ku duka biyu. Amma a rubuce ya fi, ko da imel ne na layi uku, ka faɗi matsalar, ka faɗi abin da kake nema, ka nuna a shirye kake ka ji wata shawarar. In lalurar ba a fili take ba suna da damar neman takardar likita, wadda za ta faɗi abin da ba ka iya yi da abin da kake buƙata, ba duk tarihin ciwonka ba, kuma wajibi ne su ɓoye sirrin.

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu shi ne kunya da kawaici. Mutum ya yi ta sulalewa zuwa masallaci a ɓoye ko ya yi ta makara saboda ciwo bai faɗa wa kowa ba, sai an tara masa takardun gargaɗi sannan ya ce ai lalura ce. A lokacin ya makara, dan sassauci gaba yake kallo, kamfani ba dole ne ya goge laifin da aka rubuta kafin ya sani ba. Na biyu shi ne fushi a ajiye aiki ko a daina zuwa ana tsakiyar magana, wanda ke ba kamfani damar cewa kai ka katse tattaunawar.

A ɓangaren kamfani kuma, ba ya halatta ya ƙi ɗaukar ka tun farko dan ya hango za ka nemi sassauci. Samantha Elauf tana da shekara 17 ta je neman aiki a kantin tufafi na Abercrombie a Tulsa a 2008 da ɗankwalinta, ba ta ce komai kan addini ba, su ma ba su tambaya ba, suka ƙi ɗaukarta saboda dokarsu ta shiga. A 2015 Kotun Ƙoli da alƙalai takwas cikin tara ta ce in gudun yin sassauci ne ya sa aka ƙi mutum, an karya doka ko da shi bai nema da bakinsa ba.

Sai a kula da lokaci. Ƙorafi a EEOC yana da wa'adin kwana 180 daga ranar da abin ya faru, a jihohi da yawa yana kaiwa 300, kuma sai an bi ta nan kafin a je kotun tarayya. Mutane da yawa masu gaskiya a hannu sun rasa hakkinsu saboda suna jiran manaja ya sauko.

A gida fa?

Wannan tunani ya shigo mana ta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin nakasassu ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010, Ghana a 2012. Ita ma ta ce hana mutum sassaucin da ya dace nuna bambanci ne, ta kuma sa iyaka iri ɗaya, wato sai in nauyin ya wuce kima. A Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a watan Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai nakasa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024, kuma duk mai shiga sakatariyoyinmu da bankuna ya san matakala nawa ke nan ba a taɓa ba.

Mu a Arewa Juma'a ba ta cika zama matsala ba tunda tsarin aikin da ita aka gina shi. Matsalarmu tana wajen makahon da aka ba takardar ɗaukar aiki dan a cike kashi 5, aka ajiye shi a ofis babu kwamfuta mai magana babu aikin yi, da malamar da ciwo ya sa ta koma keken guragu ajinta kuma yana bene, ba wanda ya yi tunanin sauko da ajin ƙasa. Sauko da aji ba ya cin ko kwabo, hedimasta ne kawai zai sauya allon ƙofa biyu. Wanda aka hana irin wannan yana iya kai kuka ga Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa da aka kafa a 2020, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda kundin tsarin mulki ya ba ta ikon duba yadda ake yi a duniya wajen yanke hukunci kan rikicin aiki.